Iyakar Ɗakin Jinya da Rajistar Buɗe Fayil a Kwamfutar Asibiti

Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin mata na tiyata. Tun da asibitinmu ya bar folda ya koma kwamfuta, ba na ganin kowa sai majinyatan ɗakinmu, kuma an gaya mana duk fayil ɗin da muka buɗe ana rubuta shi da sunanmu. Makon jiya an kawo mini marar lafiya daga sashen gaggawa cikin dare, ga ta kwance a kan gado a gabana amma babu ita a kwamfutata. Me ke jawo haka, me ya kamata in yi, kuma wannan rubutun da ake yi zai iya zame mini matsala wata rana?

Wa alaikumus salam, Sista. Kwamfutar ba ta san wanda ke kwance a kan gado ba, abin da ta sani kawai shi ne rubutu guda biyu da take gwadawa duk sa'ad da kika taɓa wani fayil. Na farko yana cikin bayanan majinyacin, yana faɗin ɗakin da aka ba shi gado. Na biyu yana maƙale da sunan da kike shiga da shi, yana faɗin ɗakin da aka tura ki aiki. Idan biyun suka zo daidai, fayil ya buɗe, idan suka saɓa, ya ƙi. A kan wannan kuma akwai wata iyaka ta daban da ta shafi muƙami, wadda ke tsara abin da za ki iya yi bayan fayil ɗin ya buɗe: nas tana rubuta hawan jini da zafin jiki da maganin da ta ba da, likita yana rubuta magani, mai karɓar kuɗi yana ganin lissafi amma ba ya ganin sakamakon gwaji. Wannan iyaka ta muƙami ba ta cika ba da wahala ba, domin muƙamin mutum yana daɗewa bai canja ba. Ta ɗaki ce ke yawan kawo cikas, saboda a asibiti majinyata da ma'aikata ba sa zama wuri ɗaya.

Abin da ya fi yiwuwa ya faru a daren da kike magana shi ne an turo majinyaciyar a kan gadon turawa, amma ba a turo ta a cikin manhaja ba. Mayar da marar lafiya daga wani sashe zuwa wani aiki ne da sai wani ya zauna ya danna, ko nas ɗin sashen gaggawa, ko ma'aikacin ajiyar bayanai da ke aikin dare. A asibitocin da suke da manhajoji fiye da ɗaya, wannan dannawa ce ke aika ɗan saƙo zuwa sauran manhajojin, wanda a HL7, ƙa'idar musayar saƙonni tsakanin manhajojin asibiti, ake kira `ADT^A02`, kamar yadda ake kiran na ba da gado `ADT^A01`, na sallama kuma `ADT^A03`. Muddin saƙon bai fita ba, ko ya fita ya maƙale a hanya saboda sadarwa ta yanke, a wurin kwamfuta matar tana nan a sashen gaggawa, kuma ma'aikatan can ne kaɗai ke ganinta. Da rana ana gyara irin wannan cikin ɗan lokaci domin ofishin ajiyar bayanai a buɗe yake. Da dare kuwa, sa'ad da mutum biyu ke fama da sashen gaggawa cike da jama'a, dannawar ce abu na farko da ake jinkirtawa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane inda matsalar take tun kafin ki kira kowa. Ki ce wa abokiyar aikinki ta ɗakin ta duba jerin majinyata da nata sunan. Idan ita ma ba ta ga matar ba, amma ku duka kuna ganin sauran, to matsalar daga ɓangaren majinyaciyar take, sai a kira sashen da ya turo ta su kammala mayarwar. Idan ita tana ganinta ke ba kya gani, ko kuma jerin naki gaba ɗaya na wani ɗaki ne, to sunanki ne ba a ɗaura shi a ɗakin da kike ba, kuma wannan aikin mai kula da jadawali ne ko masu kula da manhaja. Akwai yanayi na uku da ya fi waɗannan haɗari, domin ba ya nuna alamar matsala: matar ta fito a jerinku, kin buɗe, amma fayil ɗin kusan fayau yake. Sau da yawa wannan yana nufin an buɗe mata sabuwar lambar asibiti a daren saboda ba ta zo da katinta ba, alhali tana da tsohuwar lamba mai ɗauke da tarihinta da maganin da jikinta ba ya karɓa. A wurin da masu suna iri ɗaya suke da yawa, kuma ba kowa ya riƙe ranar haihuwarsa ba, wannan ba baƙon abu ba ne. Maganinsa shi ne a sanar da ofishin ajiyar bayanai su haɗa lambobin biyu, kuma kada ki ɗauki rashin rubutu a matsayin shaidar cewa ba ta da wata lalura.

To, me za ki yi a tsakanin lokacin da ta iso da lokacin da za a gyara? Duk tsarin da aka gina da hankali yana da ƙofar gaggawa, wadda a manhajoji da dama take fitowa a allo da sunan `Break the Glass` ko `Emergency Access`. Idan kika nemi fayil ɗin da ba na ɗakinku ba, manhajar za ta gargaɗe ki, ta nemi dalili, wani lokacin ta sake neman kalmar sirrinki, sannan ta buɗe miki na ɗan lokaci, ta kuma sa wa wannan buɗewar alama ta musamman domin a duba ta daga baya. Yanayinki na daren nan shi ne ainihin abin da aka yi ƙofar dominsa, saboda haka kada ki ji tsoron amfani da ita. Ki rubuta dalili na gaskiya da kowa zai fahimta, misali cewa an kawo ta ɗakinku da ƙarfe kaza kuma ba a kammala mayarwa ba, maimakon ki rubuta kalmar gaggawa kawai ki wuce. Ki duba abin da aikin ke bukata, wato umarnin likita da takardar magani da gargaɗin maganin da jikinta ba ya karɓa, sannan ki ambaci abin a rahoton miƙa aiki da safe. Idan kuma manhajarku ba ta da wannan ƙofa kwata-kwata, ki kira sashen gaggawa su karanta miki umarnin likita, ki rubuta a takarda da lokaci da sunan wanda ya karanta miki, ki kuma kai maganar ga matiron a rubuce, domin wannan gibi ne da zai iya jinkirta wa marar lafiya magani. Abin da ba zan ba ki shawara ba ko kaɗan shi ne ki karɓi kalmar sirrin wata da ke sashen gaggawa ki shiga da sunanta, ko da ita ce ta yi miki tayi da kyakkyawar niyya.

Kasancewar wannan ƙofa shi ne ya sa nake ganin cewa iyakar ɗaki ba ita ce ainihin kariya ba. Asibiti ba zai iya rufe fayil ruf ba, domin ranar da rufin ya hana nas ganin cewa jikin majinyaci ba ya karɓar wani magani, cutarwar ta fi ta tonon asiri saurin zuwa. Dole a bar hanyoyi: ƙofar gaggawa, ma'aikatan famasi da na ɗakin gwaje-gwaje da masu ba da maganin barci a tiyata waɗanda aikinsu ya ratsa dukan ɗakuna, da ɗan wa'adin da asibitoci da yawa ke bari bayan an mayar da majinyaci ko an sallame shi, na yini ɗaya ko kwana biyu ko uku gwargwadon yadda hukumar asibitin ta zaɓa, domin wadda ta yi jinyarsa ta ƙarasa rubutunta. Iyakar tana rage yawan idanun da za su iya kaiwa ga fayil ne kawai, daga ma'aikatan asibiti baki ɗaya zuwa 'yan kaɗan. Sauran aikin rajista ce ke yinsa, kuma ita ce kike tambaya a kanta.

Rajistar ba ta ɗaukar hoton allonki, kuma ba ta san abin da ke ranki ba. Layi-layi take rubutawa, kowane layi da lokaci, da lambar ma'aikaci, da kwamfutar da aka zauna a gabanta, da abin da aka yi, da fayil ɗin da aka yi wa. Kowace manhaja da irin tsarinta, amma da a ce kin bi ƙofar gaggawa a daren nan, abin da zai fito zai yi kama da wannan:

```
02:41:07 N0412 SURG-F-PC2 SEARCH      118305 DENIED
02:41:39 N0412 SURG-F-PC2 BREAK_GLASS 118305 transfer_pending
02:42:02 N0412 SURG-F-PC2 VIEW        118305 drug_chart
02:49:15 N0412 SURG-F-PC2 WRITE       118305 vitals
```

Duk wanda ya saba karanta rajista, da ya ga waɗannan layuka huɗu hankalinsa zai kwanta. An nemi fayil da lambar asibiti, abin da ke nuna kati ko takardar majinyaciyar tana hannun mai neman. An ƙi buɗewa, an bi ƙofar gaggawa da dalili, an duba takardar magani, kuma bayan minti bakwai an rubuta awon jikinta daga kwamfutar ɗakin da take kwance. Buɗewar da aiki ya biyo bayanta ita ce take kare kanta, kuma a irin wannan rajistar shaida ce a gare ki. Ita ce ma za ta nuna, idan wata rana aka ce an yi sakaci da matar, cewa kin nemi bayananta tun da ƙarfe biyu da minti arba'in da ɗaya, kuma tsarin ne ya tsayar da ke.

Bari mu bi wani misali har ƙarshensa, domin ki ga yadda ake tacewa. Mu ɗauka matar nan ta yi kwana biyar an sallame ta, bayan mako biyu kuma mijinta ya kawo ƙorafi cewa wata daga dangi ta ji labarin sakamakon wani gwajin jini da ba su gaya wa kowa ba. Mai bincike ba zai fara da tambayar mutane ba. Zai fitar da duk layin da ke ɗauke da lambarta daga ranar da ta shigo zuwa ranar ƙorafi, kuma kada ki yi mamaki idan sunaye ashirin ko fiye suka fito, domin kwanciyar kwana biyar tana ratsa aikin safe da na yamma da na dare, ga likitoci, ga famasi, ga masu lissafi. Daga nan sai ya ɗauko jadawalin aiki na waɗannan ranaku ya gwada. Duk wanda yake bakin aiki a ɗakin da take, kuma ya yi rubutu a fayil ɗin ko ya ba da magani, an ajiye shi gefe. Mai famasin da ya buɗe takardar magani jim kaɗan bayan likita ya rubuta sabon magani shi ma an ajiye shi. Ke da kika bi ƙofar gaggawa, dalilinki ya zo daidai da lokacin da aka kammala mayarwa daga baya, an wuce ki.

Mu ce saura suna ɗaya, na wata nas da ke ɗakin haihuwa. Layukanta sun bambanta da na kowa ta fuskoki da dama. Ta nemi matar da suna ne, ba da lamba ba, kuma ba daga jerin ɗaki ta danno ta ba. Ba ta taɓa takardar magani ko awon jiki ba, kai tsaye ta nufi sakamakon gwaji. Ƙasa da minti ɗaya ta yi a ciki, ba ta rubuta komai ba, kuma kwamfutar ɗakin haihuwa aka yi amfani da ita. Tambayar da ya kamata mai bincike ya fara yi wa kansa ita ce yadda aka yi fayil ɗin ya buɗe mata ba tare da ƙofar gaggawa ba. Amsar da aka fi samu ita ce watannin baya an taɓa aro ta zuwa ɗakin tiyata na 'yan kwanaki sa'ad da aka yi ƙarancin ma'aikata, aka ƙara mata ɗakin, ta koma wurinta ba a cire ba. Ƙarawa tana da mai tunatarwa, domin wadda ba ta iya aiki za ta yi ta kira har sai an buɗe mata, amma cirewa ba ta da kowa, tunda babu wanda ke ƙorafin an bar masa izini fiye da bukatarsa. Bayan shekara biyu da irin wannan, za ki tarar tsofaffin ma'aikata suna ganin rabin asibiti, iyakar ɗaki kuma ta zama suna kawai. Gyaran shi ne duk izinin aro a sa masa ranar ƙarewa tun lokacin ba da shi, sannan lokaci-lokaci a buga wa shugabar kowane ɗaki jerin masu izinin ɗakinta ta soke waɗanda ba nata ba.

A nan ne kuma rajista take kaiwa iyakarta, kuma ina son ki lura da wannan sosai. Abin da ta tabbatar shi ne an yi amfani da sunan wannan nas ɗin a wannan kwamfuta a wannan lokaci. Ba ta tabbatar da hannun wanda ya danna ba, ba ta kuma tabbatar da cewa daga nan maganar ta fita zuwa dangi ba, domin mai sharar da ya ji likitoci suna magana a bakin gado ba ya barin layi a ko'ina. Idan aka kira ta ta ce a lokacin tana ɗakin karɓar haihuwa, ta bar kwamfuta a buɗe da sunanta, ko ta ce ɗaliban da ke koyon aiki da kalmar sirrinta suke shiga saboda ba a buɗe musu tasu ba, mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Sai dai wannan gaskiyar ba ta wanke ta, domin a ƙa'idar kusan kowane asibiti abin da aka yi da sunanka yana wuyanka, kuma wanda ya yi leƙen na ainihi ya sha. Wannan shi ne dalilin da ya sa na hana ki aron kalmar sirri ɗazu. Shi ne kuma dalilin da ya sa ake saita kwamfuta ta rufe kanta bayan 'yan mintuna idan ba a taɓa ta ba, abin da na san yana ba ma'aikatan jinya haushi matuƙa sa'ad da hannu ke cikin safar roba. Idan wa'adin ya yi gajarta har yana hana aiki, a nemi a daidaita shi, ko a kawo katin shaida da ake kangawa a shiga da sauri. Kada a magance shi da rubuta kalmar sirri ɗaya a manna a jikin allo domin kowa da kowa, domin daga ranar rajistar ɗakin ba ta da sauran amfani.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan tsari sun biya kuɗin waɗannan kurakurai. A Fotugal, a 2018, hukumar kare bayanai ta ci asibitin Barreiro Montijo tarar Yuro 400,000, kuma cikin abin da aka gano akwai sunayen shiga 985 masu izinin likita alhali likitocin asibitin 296 ne. A Amurka, a 2017, rukunin asibitocin Memorial Healthcare System na jihar Florida ya biya Dala miliyan 5.5, bayan an gano cewa an yi shekara guda, daga Afrilun 2011 zuwa Afrilun 2012, ana shiga bayanan mutane kusan 80,000 da sunan wani tsohon ma'aikaci da ba a rufe ba, ba tare da kowa ya lura ba. Rajista tana nan tana rubutawa duk tsawon lokacin, amma ba a karanta ta. Haka kuma a Holan, a 2019, an ci asibitin Haga da ke birnin Hague tarar Yuro 460,000 bayan ma'aikata da dama sun leƙa fayil ɗin wata sananniyar 'yar talabijin, kuma laifi biyu da hukumar ta kama asibitin da su su ne rashin tantance mai shiga ta mataki biyu da rashin duba rajista a kai a kai.

Shari'ar da ta fi kusa da ke ita ce wadda Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke a 2008 tsakanin wata mata da ƙasar Finland, domin matar ma'aikaciyar jinya ce. Tana aiki a sashen ido na wani asibiti, tana kuma karɓar maganin cutar ƙanjamau a wani sashe na asibitin, sai ta fara zargin cewa abokan aikinta sun san halin da take ciki. A lokacin ma'aikata suna iya shiga bayanan majinyata ba tare da iyakar sashe ba. Da ta nemi a gano wanda ya buɗe fayil ɗinta, sai aka tarar tsarin buɗewa biyar na ƙarshe kawai yake nunawa, da sunan sashe ba da sunan mutum ba, kuma ko wannan ɗin gogewa yake idan an mayar da fayil ma'ajiya. Kotunan ƙasarta suka kori ƙararta saboda ba ta da hujja. Kotun Turai ta ce an tauye mata haƙƙin sirrinta, domin da an taƙaita shiga ga masu yi mata jinya, ko da an ajiye rajistar duk wanda ya shiga, da ba a bar ta hannu rabbana a gaban kotu ba. Ki tuna cewa ke ma kina da fayil a asibitinku, ko ki yi shi wata rana, kuma waɗanda suka fi kowa sha'awar leƙa fayil ɗin ma'aikaci su ne abokan aikinsa.

A Nijeriya maganar ba ta tsaya ga dokar cikin gida ta asibiti ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta sa bayanan lafiyar mutum da jinyarsa da zamansa a asibiti cikin sirri. Sashe na 29 ya ɗora wa shugaban asibiti alhakin kafa matakan hana shiga bayanai ba da izini ba, ya kuma mayar da shiga ko kwafa ba da izini ba laifi, wanda hukuncinsa zai iya kaiwa ɗaurin shekara biyu ko tarar Naira 250,000 ko duka biyun. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke bukatar kariya ta musamman, ta kuma wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Asibitin da ba shi da rajista mai kyau ba zai ma iya faɗin mutum nawa ɓarakar ta shafa ba. Bayan wannan akwai Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda lasisinki ke hannunta.

Inda ma'aikata masu gaskiya suka fi faɗawa matsala ba a ƙofar gaggawa ba ne, a wurin zumunci ne. Maƙwabciya ta kira ki ta ce an kwantar da ɗanta a ɗakin yara, don Allah ki duba mata ko sakamako ya fito. Surukarki tana ɗakin haihuwa, ko kuma sakamakon gwajinki ne ke kanki kike son gani kafin ranar ganin likita. Duk waɗannan a rajista kamanninsu ɗaya da na nas ɗin ɗakin haihuwa da muka yi misali da ita: nema da suna, kallo ba aiki, majinyacin da ba naki ba. Manhajojin sa ido suna neman irin wannan musamman, ta hanyar gwada sunan mahaifi ko unguwa ko lambar waya ta ma'aikaci da ta majinyaci. Amsar da za ki ba maƙwabciyar ita ce za ki raka ta wurin nas ɗin ɗakin ko likitan yaron. Naki fayil ɗin kuma kina da haƙƙin ganinsa, amma ta ofishin ajiyar bayanai kamar kowane majinyaci, sai dai idan dokar asibitinku ta ba da izini a rubuce. Ko neman suna kaɗai ba ƙaramin abu ba ne, domin sanin cewa wane yana kwance a sashen masu taɓin hankali ko yana zuwa sashen masu tarin fuka ya riga ya faɗi rabin labarin, shi ya sa rajista mai kyau take rubuta nema ko da fayil bai buɗe ba. A cikin ɗakinku ma, izinin da kwamfuta ta ba ki ya fi bukatarki faɗi. Fayil ɗin matar da ke gado na goma sha biyu zai buɗe miki ko da wata ce ke jinyarta, kuma idan kin san ta daga unguwa, karanta tsohon tarihinta na shekarun baya ba tare da aiki ba leƙe ne ko da manhaja ba ta ce komai ba.

Akwai kuma ramuka biyu da rajista ba ta gani. Ɗaya shi ne waya: ɗaukar hoton allo a tura wa likita ta WhatsApp domin a yi sauri yana fitar da bayanin daga duk wata kariya, ya bar shi a wayar da yara ke wasa da ita a gida. Ɗayan shi ne lokacin da aka ɗauke wuta ko sadarwa ta faɗi aka koma takarda. Ya kamata a sami takardun da aka tanada domin irin wannan lokaci, a kulle su, kuma idan aka zo shigar da su daga baya a rubuta ainihin lokacin da aka yi aikin, domin rajista lokacin shigarwa za ta nuna. Idan kin ba da magani da ƙarfe uku kika shigar da ƙarfe shida ba tare da bayani ba, mai karantawa zai ɗauka awa uku aka makara.

Tunda da sunanki ake rubutu, kina da damar tambayar hukumar asibitinku wasu abubuwa, kuma ya fi kyau a yi tambayar a taron ma'aikatan jinya domin amsar ta shiga rubuce. A tambaya wa ke duba buɗewar gaggawa, kuma cikin kwana nawa, domin dalilin da aka tambaye ki bayan kwana biyu za ki iya tunawa, wanda aka tambaya bayan wata takwas kuwa sai dai ki yi kame-kame. A tambaya ko lokacin da ke cikin rajista daga babbar kwamfutar asibiti yake fitowa ko daga ta ɗaki, domin kwamfutar ɗakin da batirin agogonta ya mutu tana iya sa ki bakin aiki a ranar da kike hutu. A tambaya ko masu kula da manhaja suna iya gogewa ko gyara layi, da ko ana ajiye kwafi a wani wuri da hannunsu ba ya kaiwa, da ko ana rubuta nasu shigar kamar na kowa, da shekara nawa ake ajiye rajistar. Game da abin da ya same ki kuwa, a nemi a fayyace a rubuce wanda alhakin danna mayarwa ke kansa a aikin dare, ko a ba nas ɗin ɗakin da ya karɓi majinyaci ikon jawo shi cikin jerin ɗakinta da kanta ta hanyar shigar da lambar asibitinsa. Manhajoji da dama suna ba da damar saita hakan, kuma wannan karɓar ita ma layi ce da ke shiga rajista da sunan wadda ta karɓa da lokacin da majinyacin ya iso ɗakin.